BABI NA HUƊU: MATSALOLI MASU WARWARUWA DA MARASA WARWARUWA A 'YANTACCEN NAHAWU

4.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya tsara ƙa'idojin nahawu, ko na harshen mutane ne ko na harshen da ake ba kwamfuta umurni da shi, akwai tambayoyin da zai so ya yi game da abin da ya tsara. A wannan babi za a dubi guda huɗu daga cikinsu. Ta farko ita ce, shin nahawun yana samar da jumla ko da guda ɗaya? Wannan ita za a kira matsalar fanko. Ta biyu, shin jumlolin da yake samarwa suna da iyaka? Ita ce matsalar iyaka. Ta uku, shin yana samar da kowane irin jeri da za a iya haɗawa da haruffansa, bai bar ko ɗaya ba? Ita ce matsalar gamewa. Ta huɗu kuwa, idan aka kawo nahawu biyu, shin jumloli iri ɗaya suke samarwa? Ita ce matsalar daidaito.

A ido, tambayoyin nan huɗu kamar 'yan gida ɗaya ne. Amma a shekarar 1961 wasu masana uku, Bar-Hillel da Perles da Shamir, sun nuna cewa biyun farko suna da tsararriyar hanyar amsawa, biyun ƙarshe kuwa ba su da ita, kuma ba za su taɓa samunta ba. Manufar babin ita ce a nuna dalilin da ya sa iyakar ta faɗo daidai wannan wuri.

4.1 Ma'anar Kalmomi

Nahawun da ake magana a kansa shi ne irin wanda Noam Chomsky ya bayyana a shekarun 1956 da 1959, wato wanda kowace ƙa'idarsa take da alama guda ɗaya tak a hannun hagu, kamar J → YS YA, wadda ke nufin jumla ta ƙunshi yankin suna da yankin aiki. Ana iya sauya alamar hagu da abin da ke dama a ko'ina ta fito, ba tare da an dubi maƙwabtanta ba. Saboda wannan rashin dogaro da muhalli ne za a riƙa kiransa 'yantaccen nahawu.

Alamomi iri biyu ne a cikinsa. Akwai alamun rukuni, irin su J da YS da YA, waɗanda ake ci gaba da sauyawa. Akwai kuma kalmomi ko haruffa, waɗanda idan an iso gare su an tsaya. Harshen nahawu shi ne tarin duk jerin kalmomin da za a iya samu idan aka faro daga alamar farko.

Ana cewa matsala mai warwaruwa ce idan akwai tsararriyar hanya guda ɗaya wadda za a ba ta kowane nahawu, ta yi aiki na ɗan lokaci, ta tsaya, ta ba da amsar i ko a'a, kuma amsar ta zama daidai. Sharaɗin tsayawa shi ne ƙashin bayan ma'anar. Hanyar da take tsayawa a kan wasu nahawu, ta yi ta tafiya har abada a kan wasu, ba ta warware matsalar ba.

4.2 Matsalar Fanko

Za a yi aiki da wannan ɗan ƙaramin nahawu mai ƙa'idoji goma da alamun rukuni bakwai:

```
1.  J  → YS YA
2.  YS → Sn
3.  YS → M YS
4.  Sn → Audu
5.  M  → abokin
6.  YA → ya tafi
7.  YA → YA B
8.  B  → kuma B
9.  L  → jiya L
10. L  → jiya
```

Ba a warware matsalar fanko ta hanyar ƙoƙarin gina jumla daga sama, domin mutum yana iya kama ƙa'idar da za ta yi ta juyi da shi ba ta kai shi ko'ina ba. Daga ƙasa ake farawa. Ana neman alamun rukunin da za su iya ƙarewa a kan kalmomi zalla, a yi musu shaida, zagaye bayan zagaye.

A zagaye na farko ana shaida duk alamar da ke da ƙa'idar da damanta kalmomi ne zalla. A nan an sami Sn da M da YA da L, ta ƙa'idoji na 4 da 5 da 6 da 10. A zagaye na biyu ana shaida alamar da ke da ƙa'idar da duk alamun damanta sun riga sun sami shaida. YS ta samu ta ƙa'ida ta 2, tun da Sn tana da shaida. A zagaye na uku J ta samu, domin YS da YA duk sun samu. A zagaye na huɗu ba a ƙaru da komai ba, sai aka tsaya. Tun da alamar farko, wato J, ta sami shaida, harshen ba fanko ba ne. Ga shaida a fili: Audu ya tafi.

Alama ɗaya ce ba ta sami shaida ba, ita ce B. Ƙa'idarta guda ɗaya ce, kuma kullum tana sake haifar da B, saboda haka duk wanda ya shige ta ba zai fita ba. Idan da za a cire ƙa'ida ta 2, YS ma haka za ta koma, J kuma ba za ta sami shaida ba. Nahawun zai rage da ƙa'idoji tara cif, amma ba zai samar da jumla ko ɗaya ba.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa hanyar dole ta tsaya. Kowane zagaye, in dai ba na ƙarshe ba ne, yana ƙara aƙalla alama ɗaya, alamun kuwa bakwai ne kacal. Ke nan zagayen da za su ƙara wani abu ba za su wuce bakwai ba. Tambayar a kan jumloli take, waɗanda ƙila ba su da iyaka, amma an mayar da ita tambaya a kan alamun rukuni, waɗanda ƙidayayyu ne.

4.3 Matsalar Iyaka

Nahawu mai ƙidayayyun ƙa'idoji ba zai samar da jumloli marasa iyaka ba sai idan wata alama tana iya dawowa kanta. Saboda haka abin da ake nema shi ne zagayawa. Sai dai ba kowace zagayawa ce ke ƙara jumloli ba, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

A nahawun da ke sama ƙa'idoji huɗu ne alamar hagunsu ta sake fitowa a dama, wato na 3 da 7 da 8 da 9. Uku daga cikinsu ba su da tasiri. Kafin a nemi zagayawa sai an yi shara hawa uku.

Da farko ana cire alamun da ba su sami shaida ba a 4.2, tare da duk ƙa'idar da suka fito a ciki. B ta tafi, ta tafi da ƙa'idoji na 7 da 8. Na biyu, ana cire alamun da ba a iya isa gare su daga J. L tana samar da kalmomi, amma babu ƙa'idar da ke kai mutum gare ta, saboda haka na 9 da 10 sun fita. Bin wannan tsari wajibi ne, domin cire ƙa'ida a hawan farko yana iya toshe hanyar zuwa wata alama, sai hawa na biyu ya kwashe ta. Idan aka juya tsarin, shara za ta ragu. Na uku, ana gyara ƙa'idojin da ba su ƙara tsawo, kamar a ce A → C kuma C → A, ko alamar da ba ta samar da komai sai jeri wayam. Irin wannan zagayawa ko sau dubu aka yi ta, jumlar tana nan yadda take. Nahawun misalin ba shi da irin wannan zagayawa.

Abin da ya rage shi ne ƙa'idoji na 1 zuwa 6. Sai a zana kibiya daga kowace alama zuwa alamun da ke damanta: daga J zuwa YS da YA, daga YS zuwa Sn da M da kuma YS kanta. An sami zagayawa ke nan, kuma duk lokacin da aka bi ta ana ƙara kalma guda:

Audu ya tafi.
Abokin Audu ya tafi.
Abokin abokin Audu ya tafi.

Harshen ba shi da iyaka. Amma idan aka sauya ƙa'ida ta 3 ta koma YS → M Sn, zagayawar ta mutu, jumloli biyu na farko kaɗai za su rage. Wanda bai yi shara ba zai ga na 7 da 8 da 9 ya ce har yanzu babu iyaka, alhali jumla biyu ce tak.

Hikimar da ke ƙarƙashin wannan hanya tana cikin bishiyar li'irabi. Idan alama ta fito sau biyu a kan reshe ɗaya, ana iya yanke abin da ke tsakaninsu a sami gajeriyar bishiya ingantacciya, ana kuma iya maimaita shi a sami doguwa. Wato duk doguwar jumla tana da gajeriyar 'yar'uwa. Shi ya sa ba a buƙatar duba jumloli marasa iyaka kafin a amsa tambayoyin nan biyu.

4.4 Inda Hanyar Ta Toshe

Mai karatu zai iya cewa, ai gamewa kishiyar fanko ce. Idan ana so a san ko nahawu ya game komai, sai a gina nahawun abin da ya bari, a tambaya ko fanko ne. Haka ma daidaito: a gina nahawun jumlolin da ke cikin harshe ɗaya ba su cikin ɗayan, a yi masa gwajin fanko.

Da wannan dabara tana yiwuwa, da an gama. Matsalar ita ce abin da 'yantaccen nahawu ya bari ba lalle ne ya zama yana da 'yantaccen nahawu ba, kamar yadda Scheinberg ya nuna a 1960. Alal misali, babu 'yantaccen nahawun da ke samar da jerin a da b da c masu adadi ɗaya, irin su abc da aabbcc da aaabbbccc, domin yana iya daidaita ƙirga biyu amma ba uku ba. Amma akwai wanda ke samar da duk sauran jeri in ban da waɗannan, tun da kafin jeri ya kauce wa tsarin, ya isa a nuna aibi guda ɗaya, kamar a ce adadin a bai zo daidai da na b ba.

Wannan misali ya nuna wani hali mai muhimmanci. 'Yantaccen nahawu ya fi gwanancewa wajen kama kuskure ɗaya a kan tabbatar da cewa babu kuskure ko ɗaya. Da wannan hali ne za a gina hujjar da ke tafe. Toshewar dabara ɗaya dai ba hujja ba ce cewa babu wata dabarar, saboda haka ana buƙatar hujja ta musamman.

4.5 Matsalar Katunan Post

A shekarar 1946 Emil Post ya gabatar da wata matsala mai kama da wasa. Ana ba mutum wasu 'yan katuna, kowanne da jerin haruffa a sama da wani a ƙasa. Ana so ya jera su, yana iya maimaita kowanne yadda ya ga dama, har rubutun sama ya zo daidai da na ƙasa. Ga misali:

```
Kati    Sama    Ƙasa
 1      a       ab
 2      ba      aa
 3      abb     b
```

Dole a fara da kati na 1, domin shi kaɗai ne samansa da ƙasansa suka fara da harafi ɗaya. Yanzu ƙasa ta wuce sama da b, saboda haka sai kati na 2, wanda samansa ya fara da b. Sama ta zama aba, ƙasa ta zama abaa. Aka sake sa na 1, sama ta zama abaa, ƙasa ta zama abaaab. Ratar da ke tsakani ita ce ab. Da aka sa na 3, sama ta zama abaaabb, ƙasa ma abaaabb. Mafita ke nan: 1, 2, 1, 3.

Da a ce babu kati na 3, da babu mafita, domin na 1 yana sa ƙasa ta fi tsawo, na 2 kuma ba ya rage ratar. Amma wannan hujja ta waɗannan katuna ce kawai. Post ya tabbatar da cewa babu hanya guda da za a ba ta kowane tarin katuna ta faɗi ko yana da mafita. Yadda aka saba nuna dalilin a yau shi ne, ana iya shirya katuna su kwaikwayi aikin na'urar lissafi irin wadda Alan Turing ya bayyana a 1936. Rubutun ƙasa yana gaba da taki ɗaya, na sama yana biye, kuma ba zai cim masa ba sai idan na'urar ta tsaya. Sanin ko na'ura za ta tsaya kuwa matsala ce mara warwaruwa. Ba a ma buƙatar katuna masu yawa: an nuna a 1982 cewa matsalar tana warwaruwa idan katunan biyu ne, Neary kuma ya nuna a 2015 cewa biyar sun isa su sa ta gagara.

4.6 Daga Katuna Zuwa Nahawu

Yanzu za a mayar da katunan nahawu biyu, ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Kowanne yana rubuta haruffan katunan a hagu, lambobinsu a dama:

```
S → a S 1  | ba S 2 | abb S 3 | a 1  | ba 2 | abb 3
Ƙ → ab Ƙ 1 | aa Ƙ 2 | b Ƙ 3   | ab 1 | aa 2 | b 3
```

Idan aka bi katuna 1, 2, 1, 3 a nahawun S, ga abin da za a samu:

```
S ⇒ a S 1 ⇒ aba S 21 ⇒ abaa S 121 ⇒ abaaabb3121
```

Lambobin sun fito a juye, wato 3121, domin daga tsakiya ake ginin. Idan aka bi katunan nan a nahawun Ƙ, wannan jeri ɗin dai za a samu, abaaabb3121. Amfanin lambobin shi ne su tilasta wa nahawun biyu bin katuna iri ɗaya. Jeri ba zai zama na S kuma na Ƙ ba sai idan lambobinsa mafita ce ga katunan.

Tun a nan an sami sakamako guda. Ana iya gwada fankon S, ana iya gwada fankon Ƙ, amma babu hanyar da za ta faɗa a kullum ko nahawu biyu sun yi tarayya a jeri ko da ɗaya, domin da akwai ta, da ta warware matsalar Post.

4.7 Matsalar Gamewa

Mataki na gaba shi ne a gina nahawun duk jerin da S ba ya samarwa. An faɗa a 4.4 cewa wannan ba kullum yake yiwuwa ba, amma ga S yana yiwuwa, saboda babu zaɓi wajen karanta jerinsa. Ana farawa daga tsakiya, inda haruffa suka haɗu da lambobi, kowace lamba kuma ita ke faɗin haruffan da dole a tarar a hagunta. Hanyoyi uku ne kawai jeri zai iya lalacewa:

(a) Siffarsa ta ɓaci tun asali, kamar lamba ta riga harafi, ko babu lamba, ko babu harafi.

(b) An yi ta daidaitawa daga tsakiya har lambobi suka ƙare, amma haruffa sun ragu.

(c) An daidaita har wani wuri, sai aka iso lambar da haruffan hagunta ba na katinta ba ne, ko ba su cika ba.

A ɗauki jerin abaa123. Lamba 1 tana neman a, ta samu, saura aba. Lamba 2 tana neman ba, ta samu, saura a. Lamba 3 tana neman abb, ba ta samu ba. Wannan aibi na (c) ne. Kowane ɗaya daga cikin aibobin nan uku ana iya rubuta masa 'yantattun ƙa'idoji: tsakiyar da ta daidaita irin ƙa'idojin S ne ke gina ta, abin da ke kewaye da ita kuma jeri ne mai sauƙin siffa. Haka za a yi wa Ƙ.

Sai a haɗa nahawun aibin S da na aibin Ƙ a ƙarƙashin alamar farko guda, a kira sabon nahawun G. Haɗa nahawu biyu ta wannan hanya ba ya buƙatar komai sai ƙa'idoji biyu. G yana samar da duk jerin da ya saɓa wa S ko ya saɓa wa Ƙ. Jerin da zai kuɓuce masa shi ne wanda bai saɓa wa ko ɗaya ba, wato mafitar katunan.

Ke nan G ya game komai idan katunan ba su da mafita, bai game ba idan suna da ita. Gina G daga katuna aiki ne tsararre wanda kwamfuta za ta iya yi ga kowane tarin katuna. Da akwai hanyar warware matsalar gamewa, da sai a gina G a miƙa mata, amsarta ta zama amsar matsalar Post. Tun da wannan ba ta warwaruwa, waccan ma ba ta warwaruwa.

4.8 Matsalar Daidaito

Da an sami ta gamewa, ta daidaito ba ta da wuya. Ga nahawun da ke samar da kowane jeri na alamomin nan biyar, inda ε ke nufin jeri wayam:

```
D → a D | b D | 1 D | 2 D | 3 D | ε
```

Tambayar ko G ya yi daidai da D ita ce tambayar ko G ya game komai. Saboda haka mai iya warware daidaito ya iya warware gamewa, wanda kuma an nuna ba zai yiwu ba. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin nahawun biyu mai sauƙi ne ƙwarai, amma hakan bai sauƙaƙa tambayar ba.

4.9 Me Ya Sa Gwaji Bai Isa Ba?

Sanin ko wani takamaiman jeri yana cikin harshen nahawu matsala ce mai warwaruwa, akwai ma hanyoyi masu sauri, kamar ta Cocke da Younger da Kasami. Saboda haka ana iya jero duk jeri daga gajere zuwa dogo, a gwada kowanne a nahawun biyu. Idan sun bambanta, ko ba daɗe ko ba jima za a ci karo da jerin da ya raba su. Idan kuwa daidai suke, gwajin ba zai taɓa ƙarewa ba, mai gwajin kuma ba shi da hanyar sanin ko ya kusa ko bai kusa ba.

Misalin da aka yi aiki da shi ya isa shaida. Mafi gajartar mafitar katunan nan uku ita ce 1, 2, 1, 3, jerinta kuma, abaaabb3121, alamomi 11 ne. Jerin da tsawonsu bai wuce 10 ba, idan aka haɗa da jeri wayam, guda 12,207,031 ne. G yana samar da kowannensu, D ma haka. Wanda ya gwada miliyan goma sha biyu da ɗoriya bai ga bambanci ba zai iya rantsewa daidai suke, alhali ba daidai suke ba. Kuma katuna uku ne kawai.

A nan ne bambancin ya fito fili. A matsalar fanko da ta iyaka, girman nahawu yana faɗin inda za a tsaya da bincike, domin doguwar jumla tana da gajeriyar 'yar'uwa. Jerin da nahawu ya bari kuwa ba shi da bishiya, saboda haka babu abin da za a yanke a gajarta shi. Babu wani lissafi da za a yi daga girman nahawu a ce bambanci ba zai wuce tsawo kaza ba, domin da akwai shi, da gwaji ya wadatar.

4.10 Iyakar Wannan Hukunci

Cewa matsala ba ta warwaruwa ba ya nufin ba za a taɓa iya tabbatar da daidaiton wasu nahawu biyu ba. Mutum yana iya kawo hujja a kan nahawu biyu da ke gabansa. Abin da babu shi ne hanya guda mai aiki a kan kowane biyu. Idan kuma aka taƙaita irin nahawun, matsalar tana iya komawa mai warwaruwa. Wurare uku sun shahara.

Na farko, idan harafi ɗaya ne tak a harshen. Ginsburg da Rice sun nuna a 1962 cewa irin wannan harshe na'ura mai ƙidayayyun matsayi, wadda ba ta da ma'ajiya, tana iya gane shi. Na biyu, idan nahawun biyu duk na irin wannan na'ura ne, ko da haruffan suna da yawa. A waɗannan wurare dabarar 4.4 tana aiki. Na uku, idan harsunan biyu ana iya karanta su daga hagu zuwa dama ba tare da cinta ba, kamar S da Ƙ kansu. Wannan tambaya ta daɗe a buɗe, sai a 1997 Géraud Sénizergues ya tabbatar da cewa tana warwaruwa. G bai shiga wannan rukuni ba, saboda mai karanta jerinsa sai ya cinci ko aibin na S ne ko na Ƙ.

Ana ganin tasirin wannan iyaka a kayan aikin masu tsara harsunan kwamfuta. Manhajar Bison, wadda ake ba ta nahawu ta gina mai li'irabi, tana yin gargaɗi a kan alamu irin B da L da ba su da amfani, tana kuma ƙin nahawun da alamarsa ta farko ba ta samar da jumla. Waɗannan gwaje-gwajen 4.2 da 4.3 ne. Amma idan mutum ya sake fasalin nahawunsa, babu manhajar da za ta iya tabbatar masa a kowane hali cewa sabon ya yi daidai da tsohon. Haka abin yake ga masu nazarin harshe biyu da kowannensu ya tsara ƙa'idojin ginin jumla: jumla ɗaya ta isa ta raba su, amma yawan jumlolin da suka yarda a kai ba ya tabbatar da daidaitonsu.

4.11 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa matsalar fanko tana warwaruwa ta hanyar yi wa alamun rukuni shaida, ta iyaka kuma ta hanyar neman zagayawa bayan an yi shara. Dukkansu tambayoyi ne a kan abin da nahawu ya samar, wanda yake da bishiyar da za a iya gajartawa. An kuma nuna, ta hanyar katunan Post, cewa gamewa da daidaito ba su warwaruwa, domin tambayoyi ne a kan abin da nahawu ya bari, kuma ana iya shirya nahawu ta yadda abin da ya bari zai zama mafitar matsalar da ba ta da hanyar warwarewa. Nahawun S da Ƙ da aka gina a 4.6 su ne kuma mabuɗin matsalar harshen damo, wato sanin ko jumla ɗaya tana da bishiya biyu, domin ƙa'idar J → S | Ƙ tana ba jeri bishiya biyu ne kawai idan katunan suna da mafita. Wannan matsala ita babi na gaba zai duba.